Malam ya cika babina da jan biro, ta ina zan kama gyara?

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu ta masta, fannin labarin ƙasa, nan Damagaram. Kundina a kan yadda gidaje ke samun ruwan sha ne a Birni da Zango da Garin Malam, kuma na yi tambayoyi a gida 120 cikin watan Afrilu. Malamin da ke duba aikina ya maido mini babi na uku, na sakamakon bincike, mai shafi 34. Wasu gyare-gyaren da jan biro ya yi su a takarda, wasu cikin Word, wasu a saƙon murya na WhatsApp, wasu kuma da baki ya faɗa mini a ofis. Na ƙirga waɗanda ke rubuce, 58 ne. Na fara daga shafin farko, na yi sati biyu ina gyara har na kai shafi na 11, sannan na lura a saƙon muryar yana cewa in sake tsarin babin gaba ɗaya. Saura sati biyar a ajiye kundi. Akwai waɗanda ban ma gane abin da yake nufi ba, kuma ina jin nauyin komawa wurinsa. Ga hotunan shafukan da saƙon na haɗo miki. Ta ina zan kama?

Wata ɗaliba, Damagaram

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na duba hotunan, na kuma saurari saƙon, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki ɗaga hannunki daga babin nan yau da gobe. Kada ki gyara ko waƙafi. Malam ya rubuta abin da ya gani ne yana karatu, daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa suka zo miki a jeren shafi. Amma jeren da mai karatu ya bi daban yake da jeren da mai gyara zai bi. Mai gyara yana farawa ne da abin da idan ya taɓa shi zai motsa sauran, ya ƙare da abin da ba ya motsa komai. Tela ba ya yi wa riga surfani sai ya tabbatar da awon wuya. Jimlolin da kika goge a shafukan farko, da yawansu za su koma wani wuri ko su fita, sai dai ba duka suka tafi a banza ba, waɗanda suka tsira kin riga kin huta da su.

Aikin ranar farko tarawa ne. Ki ajiye takardar da Malam ya yi wa jan biro da fayil ɗin da ya aiko yadda suke, ki kwafi fayil ɗin ki ba kwafin sabon suna, a cikinsa za ki yi aiki. Dalilin shi ne da zarar kin ɗauke sashe ɗaya daga mazauninsa, lambobin shafi duka za su goce, abin da yake shafi na 19 ya koma na 14, kuma in babu na asali a hannu ba za ki ƙara gane inda Malam yake magana ba. Sannan ki buɗe Excel, ko ki ja layuka a kaye in ya fi miki sauƙi, kowace magana ta Malam ta samu layinta. Ki sa mata lamba, ki rubuta shafin asali, da kalmomi huɗu ko biyar na farkon sakin layin, da abin da Malam ya ce yadda ya faɗe shi ba tare da kin fassara ba. Na cikin Word, ki shiga Révision ki buɗe Volet Vérifications, zai jero miki su duka a gefe, har da waɗanda ya gyara da Suivi des modifications waɗanda ido kan tsallake. Saƙon muryar ki saurare shi kina tsayarwa kina rubutawa. Abin da ya faɗa a ofis kuwa ki rubuta shi yau ɗin nan, domin maganar baki ita ce ta fi saurin zubewa, kuma sau da yawa ita ce mafi nauyi. Malamai kan rubuta ƙananan abubuwa a gefen takarda, babban abin su bari sai an haɗu.

Gurbin da ya fi kowanne amfani shi ne na gaba: me zan yi? A nan kowace magana za ta koma aikin da hannu zai iya kamawa, wanda za ki san ranar da ya ƙare. “A sake dubawa” ba aiki ba ne, ba ki da yadda za ki san kin gama shi. “In sake lissafin tablo na 3 daga takardun tambayoyi” aiki ne. A shafi na 7 Malam ya zagaye yawan mutanen gari ya rubuta `Source ?`. Aikin a nan shi ne ki ɗauko adadin daga ƙidayar jama'a ta 2012 ta hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ki faɗi shekarar a cikin jimlar, ki kuma bayyana ko adadin na cikin gari ne kawai ko ya haɗa da ƙauyukan da ke ƙarƙashin gundumomin birnin guda biyar. Idan kuma hasashen yawan jama'a na wata shekara ta baya-bayan nan kika ɗauko, ki ce hasashe ne. Duk maganar da kika kasa mayarwa aiki, ki sa mata alamar tambaya ki wuce, za mu dawo kanta.

Kina cikin wannan za ki ga adadin yana raguwa da kansa. Na ƙirga wuri tara da ya rubuta `Et alors ?` ko wani abu mai kama da shi, duk a ƙarƙashin tablo. Wannan ciwo ɗaya ne ya nuna miki sau tara: kina maimaita abin da ke cikin tablo da kalmomi, ba ki faɗin abin da yake nufi. Wuri goma sha ɗaya kuma a kan yadda kike rubuta sunan marubuci da shekara ne, wani wuri da waƙafi wani wuri babu. Shi ma aiki ɗaya ne. A lissafina, in kin haɗe masu kama da juna, 58 ɗin nan ba za su wuce ayyuka ashirin da ɗoriya ba. Ki lura da wani abu kuma: inda Malam ya gyara kuskure sau uku ya daina, ba wai kuskuren ya ƙare ba ne, gajiya ya yi, yana sa ran za ki bi sauran da kanki har cikin sauran babuka.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani sosai, domin shi ne zai ba ki jeren. A gaban kowane aiki ki tambayi kanki: in na yi wannan, me da me zai sauya tare da shi? Tsawon abin da Malam ya rubuta ba ya nuna girman aikin. A shafi na 5 ya cika gefen takarda yana sake miki jimla, wannan aikin minti biyar ne. A shafi na 14 kuwa ya ja layi ƙarƙashin kalmar bido ya tambaya, lita nawa? Wannan ƴar tambayar ita ce mafi girma cikin duk abin da ke rubuce a takardar.

Ga dalili. Kin ɗauka kowane bido lita 25 ne, alhali akwai mai lita 20 a hannun mutane. Ɗauki gida mai mutum bakwai da ya ce yana amfani da bido shida a rana. In na 25 ne, lita 150 ke nan, kowane mutum ya samu kusan 21. In na 20 ne, lita 120, kowane mutum kusan 17. Ke kuma hasashenki na uku ya rataya ne a kan ma'aunin lita 20 ga mutum ɗaya a rana, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take ɗauka a matsayin matakin farko na samun ruwa. Gida ɗaya ne, amma da wancan lissafin ya haye ma'aunin, da wannan ya faɗi ƙasa. Haka farashi. In ɗan garuwa ya sayar da bido dala goma, wato sefa 50, lita 1000 bido 40 ne na 25, kuɗinsa sefa 2000. In na 20 ne bido 50 ne, sefa 2500. Da wannan adadin kike kwatanta abin da mai sayen garuwa ke biya da abin da mai famfo a gida ke biya, wato hasashenki na biyu. To kin ga tambayar ta taɓa tablo na 4 da na 5 da na 7, da zanen da ke shafi na 21, da duk sakin layin da ke bayaninsu, da kammalawar babin, da kammalawar kundin, har da taƙaitawar da ke farkon kundi. Duk jimlar da kika goge a waɗannan wurare kafin ki warware batun bido, sau biyu za ki rubuta ta.

Saboda haka ki koma kan takardun tambayoyinki guda 120 ki duba ko kin rubuta girman bidon kowane gida. In kin rubuta, ki ƙara gurbi ɗaya a Excel na lita, ki sake lissafin gida-gida. In ba ki rubuta ba, kada ki ƙirƙira, kuma kada ki yi shiru. Ki fitar da lissafin ta hanya biyu, da 20 da 25, ki nuna mafi ƙanƙanta da mafi girma, ki duba ko hukuncinki ya tsaya a duka biyun. Game da farashi ina kyautata zaton zai tsaya, tunda ƙaramin bido ƙara tsadar garuwa yake yi. Game da ma'aunin lita 20 kuwa akwai gidajen da za su sauya gefe, kuma dole ki faɗi nawa ne. Gidajen duk suna cikin gari, don haka in kin riƙe alamar inda suke, kwana biyu a kabu-kabu ya isa ki leƙa wasu daga kowace unguwa ki ga irin bidon da ya fi yawa.

Tablo na 3 ma yana cikin wannan sahu, sai dai nasa da sauƙi. Malam ya tara kason ya samu 104 cikin ɗari. Ba lissafinki ne ya karkace ba: amsoshi 125 ne kika raba da gida 120, saboda wasu gidajen sun ambaci hanyar samun ruwa fiye da ɗaya. Ko dai ki rubuta a ƙarƙashin tablon cewa an yarda da amsa fiye da ɗaya shi ya sa jimlar ta wuce ɗari, ko ki yi tablon da babbar hanyar kowane gida kaɗai. Tablo na 6 da jimlarsa ta tsaya a 118, gida biyu ne ba su amsa ba, sai ki rubuta haka, ki yi kason a kan 118.

Amma akwai abin da ya riga ko lissafin, shi ne abin da ya faɗa a saƙon murya: kin jera babin yadda tambayoyi suka zo a takardar tambayoyi, shi kuma yana so a jera shi bisa hasashe ukun da kika gabatar a farkon kundi. Yana da gaskiya, domin ranar kare kundi abin da alƙalai za su bi ke nan, hasashe na ɗaya ya tabbata ko bai tabbata ba, ina hujja. Wannan shawarar ita za ta nuna wane tablo zai zauna wane zai tafi, don haka ita ce ta farko, kuma a takarda guda za ki yi ta, ba cikin fayil ba. Ki rubuta kanu uku: hanyar samun ruwa tana bambanta da unguwa, marar famfo ya fi biyan tsada, abin da mutum ke samu bai kai ma'auni ba. Ki raba tablo goma sha biyun da kike da su a ƙarƙashinsu. Wanda bai samu gida ba, kamar na shekarun masu gida da na irin ginin, ya koma rataye a ƙarshen kundi, kin huta da gyara bayaninsa. Sashen shafi na 26 da ke bayanin yadda kika zaɓi gida 40 a kowace unguwa ya koma babin hanyar bincike kamar yadda ya nuna.

Wannan takardar guda ita ce za ki kai wa Malam, tare da tambayoyinki. Na fahimci nauyin da kike ji, tarbiyyarmu ce, amma ki sani abin da ke gajiyar da malami shi ne ɗalibin da ya zo hannu sake ya ce bai gane ba, ko wanda ke aiko tambaya ɗai-ɗai kullum dare. Wanda ya zo da takarda ɗaya da tambayoyi biyar da za a amsa da i ko a'a, cikin minti ashirin an sallame shi. Kada ki tambaye shi me yake nufi da “a sake dubawa” na shafi na 4. Ki ce: “Malam, a shafi na 4 na fahimci kuna so gabatarwar babin ta ambaci hasashe ukun ne maimakon maimaita tarihin gari. Haka ne, ko da wani abin da ban gani ba?” Kin nuna kin yi tunani, kin kuma rage masa aiki. Ki nemi ganinsa cikin satin nan, in ba ya gari ki aika masa takardar a saƙo ɗaya.

Cikin tambayoyin ki sa wurin da maganarsa ta yi kamar ta ci karo. A shafi na 9 ya ce ki faɗaɗa bayanin inda ruwan garin ke fitowa, a saƙon murya kuma ya ce babin ya yi tsawo a rage. Ni a ganina duka biyun za su yiwu. Bayanin cewa garin yana zaune a kan dutse, shi ya sa ake janyo ruwansa daga wajen gari, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, ya cancanci a faɗaɗa shi, amma mazauninsa babin da ke bayanin yankin bincike. A babi na uku jimla biyu sun isa, ki tura mai karatu can. Ki gabatar masa da wannan mafita ki ji ko ya amince.

Bayan ya amince da tsarin kuma lissafi ya zauna, sai rubutu, kuma nan ne wurare taran nan za su ci lokacinki. Bayan kowane tablo ki yi abu uku: ki faɗi abu ɗaya da ya fi fitowa fili, ki faɗi abin da kike ganin ya jawo shi da hujjar da kike da ita daga hirarrakinki ko daga waɗanda suka yi bincike kafin ke, sannan ki faɗi abin da hakan ya yi wa hasashen. In Garin Malam ta fi Birni da Zango dogaro da garuwa a tablonki, kada ki tsaya a kan kason. Shin bututu ne bai kai ba, ko ya kai ruwan ne ba ya zuwa, ko kuɗin sa famfo ne ya gagara? Amsar tana cikin abin da matan gidajen suka gaya miki, wanda na ga kin bari a takardun tambayoyi ba ki shigo da shi ba. Sai bayan wannan ki bi madogara da manazarta, daga ƙarshe ki bi harshe da waƙafi da lambobin tablo. In da Insérer une légende kika sa lambobin, ki danna Ctrl+A sannan F9, za su daidaita kansu bayan kin kwashe sassa. In da hannu kika rubuta su, ki bi su da Ctrl+F ɗaya bayan ɗaya, domin jimlar da ke cewa a duba tablo na 7 alhali ya koma na 5 tana cikin abubuwan da alƙalai ke saurin kamawa.

Sati biyar kwana 35 ne, amma ba duka ne naki ba. Ki cire kwana goma na karatun Malam, huɗu na gyaran da zai biyo bayan karatun, uku na bugawa da ɗaure kundi da sa hannu. Saura 18. Biyu na tarawa da takardar tsari, ɗaya na ganin Malam, biyar na lissafi har da komawa unguwanni, biyu na kwashe sassa, biyar na rubutu, uku na madogara da harshe. Ki gaya masa ranar da za ki maido babin tun a ganawar nan, don ya san da zuwansa. Ranar da babu kuran ko kanki ya yi nauyi, ki yi ƙananan ayyukan da ba su rataya a kan komai ba, kamar daidaita manazarta a takarda, amma kada su cinye miki safiyar da ya kamata ta tafi ga lissafi. Kowane dare ki aika wa kanki fayil ɗin ta imel ki kuma sa shi a kile, da kwanan watan a cikin sunansa.

Akwai magana guda da ba za ki iya cikawa ba, kuma gara ki faɗa masa da wuri. A shafi na 31 ya nuna cewa duk tambayoyin a Afrilu aka yi su, tsakiyar zafi, lokacin da ruwa ya fi wuya da tsada, ya tambaya ina na damina. Gaskiya ya faɗa, amma babu yadda za a yi sabon bincike na wani lokacin shekara cikin kwana 18. Abin da za ki iya shi ne ki gyara duk jimlar da ta yi magana kamar sakamakon na shekara duka ne, ta koma tana cewa a bazara, ki rubuta wannan ƙarara cikin iyakokin binciken, ki ambace shi cikin abin da ya kamata a bi nan gaba. Ki ce masa: “Malam, na ga muhimmancin wannan, lokacin ne ba zai ba ni ba. Ko kun yarda in sa shi cikin iyakokin bincike?” In ya ce lallai sai an yi, to batun ya koma na ɗage ranar ajiyewa, kuma wannan hukuncinsa ne da na sashen, gara ki ji shi yanzu da ki ji shi saura sati ɗaya.

Jadawalin nan naki kada ki yar da shi in kin gama. Ki ƙara masa gurbi biyu, abin da na yi da sabon shafi, ki miƙa shi tare da babin. Layin bido zai ce an sake lissafin tablo uku da lita, a duba shafi kaza da kaza. Layin damina zai ce ba a yi ba, an sa cikin iyakoki bisa amincewarku, shafi kaza. Ki haɗa masa da fayil ɗin da Comparer, wanda shi ma yana ƙarƙashin Révision, ya fitar tsakanin tsohon babin da sabon, don ya ga abin da ya sauya ba sai ya sake karanta shafi 34 daga tushe ba. Kwafi ɗaya na jadawalin ki riƙe shi a jakarki zuwa ranar kare kundi, domin tambayar bido da ta damina alƙalai ma za su yi miki su. Allah ya ba da sa'a, ƙanwata.